Tambayoyi da amsoshi kan lada lojik: kunna moto da kashe shi da kwantak mai riƙo

Waɗannan tambayoyi ne da na sha ji daga masu aikin wayarin da ɗaliban kwalejojin fasaha waɗanda suka fara taɓa PLC, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injuna. Misali guda na riƙe tun daga farko har ƙarshe: moto mai layi uku, kilowat 7.5, wanda ke jan injin casar shinkafa, da maɓalli kore na kunnawa da ja na kashewa. Sunayen adireshi irin na Siemens ne, wato I0.0 na mashiga da Q0.0 na mafita, amma tunanin ɗaya ne a kowane kamfani.

Mene ne lada lojik, kuma ina ya samo wannan suna?

Hanya ce ta rubuta wa PLC umarni da zane maimakon jimloli. Zanen ya yi kama da tsani: layi biyu a tsaye, ɗaya a hagu ɗaya a dama, sai layuka a kwance suna haɗa su kamar matakan tsani. Ana ɗaukar layin hagu tamkar wayar da ke ɗauke da wuta, na dama kuma tamkar wayar da wutar ke komawa. Kowane mataki ana karanta shi daga hagu zuwa dama, matakan kuma daga sama zuwa ƙasa.

Zanen ya girmi PLC. Haka ake zana fanel ɗin rile a masana'antu tun da can. A 1968 ne kamfanin General Motors na Amurka ya nemi na'urar da za ta maye gurbin tarin rile da ke layukan haɗa motocinsa, daga nan aka samu na'urar PLC mai suna Modicon 084, wadda ake danganta ta da Dick Morley da abokan aikinsa. An ci gaba da amfani da zanen tsani ne domin masu gyaran wuta na masana'anta su iya karanta shi ba tare da sun koma makaranta ba. Yau yana cikin harsunan da ƙa'idar IEC 61131-3 ta amince da su. Idan ka taɓa haɗa sitata da kwantakta da hannunka, ka riga ka san rabin karatun.

Alamomi nawa zan haddace kafin in fara?

Uku kacal don wannan aiki.

```
---] [---    kwantak buɗaɗɗe
---]/[---    kwantak rufaffe
---( )---    kwayil
```

Abin da nake roƙon kowane sabon shiga ya riƙe shi ne, alamar kwantak a cikin tsani tambaya ce, ba hoton maɓalli ba. Kowace mashiga da kowace mafita ta PLC tana da ɗan gurbi a ƙwaƙwalwarsa mai ɗauke da 1 ko 0. Alama ta farko tana tambaya: gurbin nan 1 ne? In 1 ne, a wuce. Ta biyu tana tambaya: gurbin nan 0 ne? In 0 ne, a wuce. Kwayil kuwa shi ne sakamako: idan akwai hanyar da ta wuce tun daga hagu har ta iso shi, a rubuta masa 1, in babu a rubuta 0. A manhajar kamfanin Allen-Bradley sunayensu XIC da XIO da OTE. Muhimmancin wannan bambanci zai fito a amsar da ta shafi maɓallin kashewa.

PLC ɗin ne zai ba moto wuta?

A'a. Moto mai kilowat 7.5 a kan bolt 400 yana jan wajen am 15 idan yana cikin aiki, lokacin tashi kuma yakan ja ninki shida zuwa takwas na hakan. Mafitar PLC mai rile am 2 take ɗauka a yawancin ƙananan na'urori. Aikinta shi ne ta ba kwayil ɗin kwantakta wuta, kwantakta kuma ta rufe manyan bakunanta uku ta kai wa moto wuta.

Saboda haka da'ira biyu ce a fanel ɗinka. Ta ƙarfi tana tashi daga bireka zuwa L1, L2, L3 na kwantakta, ta fita ta T1, T2, T3, ta ratsa obalod ta isa moto. Ta sarrafawa kuma ita ce maɓallai da PLC da kwayil ɗin kwantakta, wanda bakunansa ke ɗauke da rubutun A1 da A2. Lada lojik a ta biyun kaɗai yake aiki. Kafin ka sayi kwantakta, karanta ƙarfin wutar kwayil ɗinta a jikinta, don akwai mai 24, akwai mai 230, akwai mai 400. A misalinmu mai 230 ce, kuma daga layin da ke ciyar da moton take samun wuta.

Yaya zan ɗaura wayoyin maɓallan?

Daga bakin +24 na fawa sufulai ka kai waya zuwa maɓallan biyu. Kore yana da bulo mai rubutun NO, wanda a buɗe yake sai an danna; ɗaya bakinsa ya tafi I0.0. Ja yana da bulo mai rubutun NC, wanda a rufe yake sai an danna; ɗaya bakinsa ya tafi I0.1. Bakin haɗaka na mashigan PLC, wanda Siemens ke rubuta wa 1M, ya tafi 0 bolt. Kada ka dogara da launin maɓalli, ka kwance bayansa ka duba. Bulon NO yakan ɗauki lamba 3 da 4, na NC kuma 1 da 2, in ma kana shakka ka gwada da mita.

Da ka kunna PLC ba tare da ka taɓa komai ba, ya kamata fitilar I0.1 ta kama, ta I0.0 kuma ta zauna a mace. Danna kore, tasa ta kama. Danna ja, tasa ta mutu. In ba haka ka gani ba, kada ka rubuta ko layi ɗaya tukuna, gyara wayarin. Duk wannan ana yin sa ne birekar moto tana kashe, an kulle ta, an kuma gwada da mita an tabbatar babu wuta.

Na haɗa maɓallin kunnawa da kwayil, amma da na ɗaga yatsa sai moto ya mutu. Me ya rage?

Riƙo ne ya rage. Maɓallin na ɗan lokaci ne, da ka sake shi sifirin ya mayar da shi, I0.0 ya koma 0, hanya ta yanke. PLC ba ya tuna cewa an taɓa dannawa sai ka ba shi abin tunawa. Dabarar ita ce a sa kwantak mai sunan mafitar kanta a ƙarƙashin maɓallin kunnawa, su zama hanya biyu da ke haɗuwa a gaba.

```
     I0.0          I0.1          Q0.0
|----] [----+------] [-----------( )----|
|           |
|    Q0.0   |
|----] [----+
```

Ka karanta shi da baki haka: moto zai yi aiki idan an danna kore ko kuma dama yana aiki, muddin ba a danna ja ba. Wannan kwantak na ƙasa shi ne mai riƙo. Kore ya buɗe ƙofa, moto ya sa ƙafarsa ya tokare ta, ja kuma ya zo ya ture ƙafar. Lura da inda reshen ya rufe: kafin I0.1, ba bayansa ba. Idan reshen ya tsallake I0.1, ka gina moton da ba za a iya kashe shi ba, kuma wannan kuskure na gan shi a allon ɗalibai fiye da sau ɗaya.

Yaya kwayil zai riƙe kansa da kansa? Ba kamar mutum ya ɗaga kansa sama ba ne?

Amsar tana cikin yadda PLC ke zagayawa. Ba a lokaci guda yake yin komai ba. Yakan karanta dukan mashigai ya ajiye hotonsu, ya bi matakan tsani daga sama zuwa ƙasa, ya aika sakamako zuwa mafitai, sannan ya koma farko. A ƙaramin aiki irin wannan, zagaye ɗaya milisakan kaɗan ne.

Mu bi shi a hankali. Kafin a taɓa komai, I0.0 yana 0, I0.1 yana 1, Q0.0 yana 0. Hanyar sama a toshe, ta ƙasa ma a toshe, moto na tsaye. Ka danna kore. A zagayen da ya biyo, I0.0 ya zama 1, hanya ta wuce ta sama, ta wuce I0.1, aka rubuta wa Q0.0 lamba 1, kwantakta ta ja. A zagaye na gaba, kwantak na ƙasa ya duba gurbin Q0.0 ya tarar da 1 ɗin da aka rubuta ɗazu, don haka hanyoyi biyu ne a buɗe. Ka ɗaga yatsa, ta sama ta toshe, ta ƙasa tana nan, aka sake rubuta 1. Haka zai yi ta maimaitawa.

Yanzu ka danna ja. I0.1 ya koma 0, babu hanyar da ta isa kwayil, aka rubuta wa Q0.0 lamba 0. Da ka saki ja, I0.1 ya dawo 1, amma kwantak mai riƙo ya riga ya tarar da 0, kore kuma ba a danna ba. Moto ya tsaya ke nan har sai wani ya zo ya danna kore. Kwayil ba kansa na yanzu yake riƙewa ba, abin da aka rubuta masa a zagayen baya yake dogara da shi.

Maɓallin kashewa NC ne, me ya sa ka zana shi da alamar buɗaɗɗe? Ba kuskure ba ne?

Ba kuskure ba ne, kuma nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, musamman wanda ya ƙware a wayarin ɗin rile. A zanen rile, alamar tana nuna yadda maɓallin yake a zahiri. A cikin PLC kuwa, kamar yadda na faɗa a amsar alamomi, tambaya ce game da gurbi. Jan maɓalli NC yana aika bolt 24 zuwa I0.1 a kowane lokaci, gurbin yana 1 muddin ba a danna ba. Muna son hanya ta wuce idan ba a danna ba, wato idan gurbin 1 ne, alamar da ke wucewa a kan 1 kuwa ita ce buɗaɗɗiya. Idan ka sa rufaffiya, moto ba zai tashi ba sam, sai dai in ka danne ja da kore tare.

To me ya hana a sayi jan maɓalli NO, a sa masa alamar rufaffe? A kan tebur zai yi aiki daram, littattafai da yawa ma haka suke zana shi. Matsalar sai ranar da waya ta tsinke. A wani injin casa da aka taɓa kira na, haka aka haɗa shi, ɓera kuma ya ci wayar jan maɓallin a cikin bututu. Babu wanda ya sani, domin injin yana tashi lafiya kowace safiya, da yamma kuma da bireka suke kashe komai. Ran da bel ya fara hayaƙi, yaron injin ya yi ta dukan jan maɓalli, moto bai ko gezau ba, sai da ya ruga ya kashe bireka. A wurin PLC, wayar NO da ta tsinke da maɓallin da ba a danna ba duk 0 ne, ba shi da yadda zai bambanta su.

Da NC ne, tsinkewar wayar za ta mayar da I0.1 zuwa 0, moto ya tsaya nan take, ya kuma ƙi tashi har sai an gyara. Mai injin zai yi fushi don aiki ya tsaya, amma laifin ya bayyana kansa ba a kan hannun kowa ba. Shi ya sa kore yake NO: in wayarsa ta tsinke, moto ya ƙi tashi. Kowane ɗaya an zaɓe shi ne yadda lalacewarsa za ta kai ga tsayawa.

Idan aka danna kore da ja a lokaci guda fa?

Ja ne ke rinjaye, domin I0.1 yana kan hanyar da kowane reshe dole ya bi. Haka ake so a moto.

Ina obalod yake shiga?

Obalod yana da ƙananan bakuna biyu-biyu: 95 da 96 waɗanda suke NC, sai 97 da 98 waɗanda suke NO. Ni abin da nake yi shi ne in ratsa wayar kwayil ɗin kwantakta ta cikin 95 da 96, yadda in moto ya yi zafi kwantakta za ta saki ko da PLC ya rikice. Sannan in kai 97 da 98 zuwa I0.2 don PLC ya sani.

```
     I0.0          I0.1      I0.2      Q0.0
|----] [----+------] [-------]/[-------( )----|
|           |
|    Q0.0   |
|----] [----+
```

Ga inda alamar rufaffe ta yi amfani: I0.2 yana 0 idan lafiya lau, ya koma 1 idan obalod ya faɗi. Kada ka ce tunda 95 da 96 sun yanke kwayil ai shi ke nan. In PLC bai sani ba, Q0.0 zai ci gaba da riƙe kansa, kuma da mai gyara ya danna maɓallin mayar da obalod, moto zai tashi a gabansa. Saita obalod a kan am ɗin da ke rubuce a farantin moton. In yana yawan faɗuwa, a binciki bel da boris da layin da ya ɗauke, ba a murɗa shi sama ba.

Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, moto zai tashi da kansa?

Da wannan tsari, idan PLC ɗin ma ya mutu tare da wutar, ba zai tashi ba. Q0.0 yana farawa da 0, riƙon ya warware, sai an danna kore. A inda ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, ana kuma sauyawa tsakanin layin gwamnati da janareta, wannan ba ƙaramar kariya ba ce, domin lokacin da wuta ta tafi ne mutane ke zura hannu su share injin.

Nan ne riƙo ya bambanta da umarnin S da R na Siemens, ko OTL da OTU na Allen-Bradley, waɗanda ɗaya ke rubuta wa gurbi 1, ɗaya kuma ya mayar da shi 0. Su ma suna riƙewa, amma OTL yana tuna halinsa bayan ɗaukewar wuta, haka ma gurbin M na Siemens idan an saita shi mai ajiya. Moton da aka rataya a irin wannan gurbi zai iya tashi da dawowar wuta ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Suna da amfaninsu, kamar tuna cewa an samu matsala, amma don kunna moto na fi son riƙo. Akwai wani tarko kuma idan PLC yana kan inbata, duba amsa ta gaba.

Da Q0.0 zan yi riƙo, ko da ƙaramin bakin kwantakta na 13 da 14?

Q0.0 yana nuna abin da PLC ya umarta ne kawai, bai san ko kwantakta ta ja ba. Ka ɗauka an ɗora PLC a kan inbata, moto da kwayil ɗin kwantakta kuma suna kan babban layi. Wuta ta tafi, kwantakta ta saki, moto ya tsaya, amma PLC yana raye, Q0.0 yana 1. Wuta na dawowa moto zai tashi.

Maganinsa shi ne a kai bolt 24 ta cikin 13 da 14, waɗanda ke rufewa idan kwantakta ta ja, zuwa I0.3, sannan a sa I0.3 a reshen ƙasa a madadin Q0.0. Yanzu riƙon ya dogara da abin da ya faru a zahiri: kwantakta ta saki, I0.3 ya koma 0, Q0.0 ya bi shi. Abu biyu za ka lura da su. Kwantakta tana ɗaukar 'yan gomomin milisakan kafin ta ja, don haka taɓa kore a gurguje sosai ba lallai ya kama ba. Sannan duk wanda ya tura kwantaktar da sukuddireba zai tayar da moto ya kuma bar shi yana gudu, kamar yadda yake a tsohuwar sitata.

Jan maɓallin nan ya isa ya zama na gaggawa?

Bai isa ba. Maɓallin gaggawa, mai kan lema ja a kan rawaya, wanda ke maƙalewa idan an buga shi, dole ya yanke wutar kwayil ɗin kwantakta ta waya kai tsaye ko ta rile na musamman na tsaro. Rile ɗin mafitar PLC yana iya narkewa ya manne, a lokacin kuma duk 0 ɗin da tsani zai rubuta ba zai buɗe shi ba. Ka ƙara masa bulo na biyu zuwa wata mashiga don riƙon ya warware, bisa dalilin da na kawo a amsar obalod.

Na rubuta komai daidai amma bai yi aiki ba. Daga ina zan fara?

Daga fitilun jikin PLC, sannan ka buɗe manhajar ka kalli tsanin yana gudana, za ka ga inda launin hanya ya tsaya. Idan fitilar mafita ba ta kama ba ko kana danne da kore, duba ko PLC yana RUN, sannan duba fitilar I0.1, in a mace take, to wayar ja ce ko an sa bulon NO. Idan moto na gudu ne kawai muddin yatsa na kan kore, adireshin kwantak mai riƙo bai yi daidai da na kwayil ba, ko wayar 13 da 14 ba ta iso ba. Idan fitilar mafita ta kama amma kwantakta shiru, matsalar ta bar tsani: auna wuta tsakanin A1 da A2, duba fis, duba 95 da 96, duba ko an ba bakin haɗaka na mafitai wuta. Kwantakta mai kakkarwa tana ƙara kuwa yawanci ƙarancin wuta ne, irin wanda ake gani idan janareta ya durƙusa lokacin tashin moto.

Akwai guda mai ɓoyewa: rubuta kwayil Q0.0 a matakai biyu. Mutum yana son ƙara maɓallin motsa moto kaɗan-kaɗan, sai ya buɗe sabon mataki a ƙasa da wannan kwayil. Tunda PLC daga sama yake saukowa, abin da mataki na ƙarshe ya rubuta shi ke fita, sai ya goge riƙon na sama a kowane zagaye. Kwayil ɗaya, wuri ɗaya. Duk sharuɗɗansa a tara su a gabansa.

Ba ni da PLC, kuma wanda ke wurin aikinmu ba Siemens ba ne. Yaya zan gwada?

OpenPLC kyauta ne, yana da wurin zana tsani da gwada shi a kwamfuta, yana kuma iya hawa kan allon Arduino. Manhajojin kamfanoni da dama su ma suna da na'urar kwaikwayo a ciki. Sai dai ka tuna cewa a kwaikwayo duk mashigai da 0 suke farawa, don haka sai ka mayar da gurbin jan maɓalli 1 da hannunka kafin ka danna kore, in ba haka ba za ka zaci tsaninka ne ya lalace.

A Mitsubishi da Delta, mashigai X ne, mafitai Y. Matakinmu na farko, da jan maɓalli NC a kan X1, haka yake a rubuce:

```
LD   X0
OR   Y0
AND  X1
OUT  Y0
END
```

In ka ga ANI X1 a wani littafi, marubucin ya ɗauka jan maɓallinsa NO ne, sai ka koma amsar maɓallin kashewa kafin ka kwafa. Ranar da ka samu na'ura ta gaske, fara da ƙwan fitila a mafita, sannan kwantakta ba moto, ka zare wayar X1 da gangan ka ga ta saki, ka kashe wuta ka dawo da ita ka ga ta zauna shiru. Bayan nan ne za ka ɗaura wayoyin T1, T2 da T3.